Me Ya Rage? Tambayar Wanda Ba A Ɗauka Aiki Ba

Garin Kafanchan gari ne da neman aiki ya gina shi. Tun daga shekarar 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu a nan da wanda ya nufi Kaduna da wanda ya nufi Jos, mutane suka riƙa kwarara daga ko'ina domin neman abin yi, wasu a tasha, wasu a kasuwa, wasu kuwa a ofisoshin da suka biyo bayan jirgi. Yau harkar jirgin ta ja baya ƙwarai, amma masu neman aiki sai ƙaruwa suke yi. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tana yaye malamai kowace shekara, haka ma reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, jami'ar da aka kafa a 2004. Duk gurbi ɗaya da aka yi shelarsa, sai ka ga takardu sun taru a kansa kamar ƙudaje a kan zuma.

Da yake gurbi ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, mafi yawan masu nema da amsar "a'a" suke komawa gida. Abin da ya ja hankalinmu a wannan rubutu shi ne abin da mutum yake yi da wannan "a'a" bayan ya same ta. Mun daɗe muna zama a kwamitocin ganawa da masu neman aikin koyarwa, mun kuma daɗe muna rubuta wa ɗalibanmu takardun shaida, kuma a duk tsawon wannan lokaci da yatsun hannu za mu iya ƙirga waɗanda suka dawo bayan an ƙi su suka ce, "Ranka ya daɗe, me ya rage?"

Abin mamaki kuwa, manomin citta na Kachia ko Kwoi ba ya jin nauyin yin wannan tambaya. Idan ya kai buhu kasuwa mai saye ya tura hannu ciki ya girgiza kai, ba ya ɗaure bakin buhu ya tafi yana zargin an raina ƙabilarsa. Tsayawa yake yi ya ji dalili. Za a ce masa cittar ba ta gama bushewa ba, ko akwai ƙasa a jikinta, ko ta fara fumfuna. Ranar kasuwa mai zuwa sai ya dawo da kaya busassu. Shi ya san cewa kayansa aka ƙi. Mai neman aiki kuwa gani yake yi shi kansa aka ƙi, shi ya sa kunya da fushi suke haɗuwa su rufe masa baki.

Abin da shiru yake haifarwa

A yankinmu na kudancin Kaduna wannan shiru yana da haɗari na musamman. Ƙasa ce ta harsuna da yawa: Bajju a wajen Zonkwa, Atyap a Zangon Kataf, Ham a Kwoi, mutanen Kagoro, Fantswam, Hausawa da Fulani, ga kuma jikokin ma'aikatan jirgi daga kudancin ƙasar nan. Ba a kuma manta da rikicin watan Maris na 1987 wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ba, ko na Zangon Kataf na 1992. A wuri irin wannan, duk wanda aka hana abu ba tare da an gaya masa dalili ba, zuciyarsa tana da dalilin da ta tanada tun kafin ya fita daga ɗakin ganawa: sunana suka gani, ko addinina, ko garinmu. Ba mu musun cewa hakan na faruwa. Akwai wuraren da ake cike gurbi tun kafin a yi shelarsa, akwai kuma inda takardar babban mutum take rinjayar takardar makaranta. Amma idan mutum ya ɗauki wannan dalili ya lulluɓe kowace faɗuwa da shi, to ya rufe wa kansa ƙofar gyara, domin ba zai iya sauya sunansa ko garinsu kafin ganawa ta gaba ba. Amfanin tambaya shi ne ta rarrabe masa abin da yake hannunsa da abin da ba ya hannunsa.

Idan muka tuna jarrabawar da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, za mu ga bambancin. Malamai kusan 33,000 suka zauna, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka yanka ba. An yi ta muhawara a kan adalcin matakin da ya biyo baya, kuma wannan muhawara tana da wurinta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, wanda ya faɗi a wannan jarrabawa ya san da wane mudu aka auna shi. Wanda ya faɗi a ganawa ta baki da baki bai san mudun ba, alhali mudun yana nan a rubuce, a cikin fayil ɗin sakataren kwamiti.

Mudun da ake awo da shi

Yana da kyau ɗalibanmu su san yadda wannan mudu yake. A kwamitocin da muka zauna, kowane mamba yana da takarda a gabansa mai ɗauke da rukunai, kowane rukuni da makinsa. Kason yakan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma wanda muka fi gani ya yi kama da wannan: takardun shaida 15, daɗewa a kan aiki 15, sanin darasin da za a koyar 25, gwajin koyarwa a gaban yara 30, iya magana da natsuwa 15. A lura da inda nauyin ya fi yawa. Mai nema da ya samu 22 a sanin darasi amma ya samu 12 a gwajin koyarwa yana da 34 a waɗannan rukunai biyu. Wanda ya samu 18 kacal a sanin darasi amma ya samu 24 a gwajin koyarwa yana da 42. Na farko ya fi na biyu ilimi, kowa a kwamitin ya san haka, amma na biyu za a ɗauka. Shi kuwa na farko zai koma gida yana cewa, "Na amsa duk tambayoyinsu, lallai da wata a ƙasa." Gaskiyarsa ce ya amsa tambayoyin. Ramin da ya faɗa yana wani gefen da bai duba ba, kuma mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai an gaya masa.

To me ya sa masu ɗaukar aiki ba sa faɗa da kansu? Mu da muka zauna a wancan gefen tebur mun san dalilai uku. Na farko yawan masu nema. Babu mai lokacin rubuta wa mutum arba'in bayani ɗaya bayan ɗaya. Na biyu sirrin kwamiti, domin makin wani ba na wani ba ne. Na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi, tsoron takardar koke. Shugaban makaranta yana gudun ya faɗi magana da kyakkyawar niyya gobe ya gan ta a cikin ƙorafin da aka kai wa hukuma ko aka karanta a taron ƙungiyar gari. Duk wanda yake son a ba shi amsa ta gaskiya, dole tambayarsa ta kwantar da waɗannan fargaba uku: ta zama gajeriya, kada ta taɓa makin wani, kuma ta nuna a fili cewa ba shari'a ake nema ba.

Labarin wata ɗalibarmu

Wata tsohuwar ɗalibarmu, 'yar asalin wajen Zonkwa, wadda Jju ne harshen gidansu amma ta karanci Hausa a hannunmu har ta fita da sakamako mai kyau, ta nemi aikin koyar da Hausa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a yankin Kafanchan. An kira su su shida. An yi musu tambayoyi, sannan aka ba kowa minti goma sha biyar ya koyar da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Bayan mako biyu sai saƙo ya shigo wayarta cewa ana godiya, amma ba a yi nasara ba a wannan karo. Da ta zo wurinmu, hukuncin da ta riga ta yanke ta kawo. Ta ce, "Malam, ai dama na sani. Wa zai ɗauki 'yar Bajju ta koyar da Hausa alhali ga Bahaushe a layi?"

Muka ce mata, "'Yar nan, wataƙila haka ne, wataƙila kuma ba haka ba ne. Daga ke har mu babu wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata, ki tambaya."

Abu na farko da muka duba tare shi ne wanda za a tambaya. Saƙon da aka turo mata daga hannun magatakardan ofis ya fito, shi kuwa bai shiga ɗakin ganawa ba, saboda haka ba shi da abin faɗa sai abin da aka ba shi ya tura. Mai makarantar ya yi nisa, kuma zuwa wurinsa zai yi kama da kai ƙara. Wadda ta dace ita ce mataimakiyar shugaban makaranta mai kula da karatu, domin ita ta zauna a bayan aji da biro a hannu lokacin gwajin koyarwa. Abu na biyu lokaci. Muka ba ta shawara ta bari kwana uku su wuce zuciyarta ta huce, amma kada ta haura mako biyu, domin bayan haka fuskokin masu nema sukan cuɗe a tunanin mai ganawa, fayil kuma ya shige durowa.

Abu na uku siffar tambayar. Wasiƙar da ta fara tsarawa tana cewa tana son sanin dalilin da ya sa ba a ɗauke ta ba. Wannan jimla a kunnen mai ɗaukar aiki tuhuma ce, kuma amsarta guda ɗaya ce a ko'ina: masu nema sun yi yawa, gurbi kuma ɗaya ne. Sai muka juya tambayar daga abin da ya wuce zuwa abin da ke tafe, muka kuma ƙuntata ta har ta zama ana iya amsa ta da jimla biyu. Da Turanci aka rubuta, ga ma'anarta:

"Ranki ya daɗe, ina godiya da damar da aka ba ni ta koyar da 'yan aji ɗaya ranar ganawa. Na samu saƙon hukuncin kwamiti, na kuma karɓe shi hannu biyu. Ba ina neman a sake dubawa ba ne. Da yake ina da niyyar ci gaba da neman aikin koyarwa, ina roƙon ki taimake ni da abu ɗaya: a tsakanin amsa tambayoyi da gwajin koyarwa, wanne ne ya fi bukatar gyara a wurina, kuma mene ne abu guda da za ki so ki ga na yi dabam? Idan rubutu zai yi miki wahala, zan iya zuwa na minti biyar a duk lokacin da ya yi miki."

Kwana takwas babu amsa. Ta tura tunatarwa sau ɗaya, layi biyu, muka kuma gaya mata cewa daga nan babu ta uku, domin naci yana mayar da mai neman shawara ya zama abin gudu. Washegari aka ce ta zo bayan an tashi makaranta.

Karanta amsa kamar yadda ake karanta matani

Muka ja mata kunne kafin ta tafi: ta riƙe littafi da biro, ta rubuta abin da aka faɗa da kalmomin da aka faɗe shi, kuma ko an faɗi abin da take ganin ba daidai ba ne, kada ta kāre kanta. Da zarar mai tambaya ya ce "ai dalilin da ya sa na yi haka," mai amsa zai ja bakinsa ya koma ga gaisuwa.

Ta dawo da jimloli huɗu. An ce mata ta yi ƙoƙari ƙwarai. An ce wanda aka ɗauka ya shekara biyar yana koyarwa. An ce ba ta riƙe aji ba. An kuma ce a riƙa lura da allo.

A nan ne sana'armu ta nazarin adabi ta yi rana, domin amsar mai ɗaukar aiki matani ce, tana da abin da ta faɗa a sarari da abin da ta sakaya. Jimla ta farko gaisuwa ce. A karɓa da godiya a ajiye, ba a gina komai a kanta. Ta biyu gaskiya ce da ba ta gyaruwa cikin wata ɗaya ko biyu, sai dai lokaci ya kawo ta. Ta uku da ta huɗu su ne tsabar, amma a dunƙule suke. "Ba ki riƙe aji ba" na iya nufin yara sun yi surutu, ko muryarta ba ta kai bayan aji ba, ko darasin ya fi ƙarfinsu. Sa'ar da aka yi, ta tuna ta yi tambaya ta biyu, wadda ita ce mabuɗi: "Ranki ya daɗe, me kika gani da ya nuna miki haka?" Sai mataimakiyar ta buɗe takardarta ta ce, a cikin minti goma sha biyar ita kaɗai ta yi magana na minti goma sha uku, tambaya ɗaya ta yi wa yara kuma ita ta amsa wa kanta, lokaci kuma ya ƙare ba ta auna ko sun fahimta ba. Game da allo kuwa, ta rubuta karin magana uku, kuma a wurare huɗu ta bar ƙugiyar haruffa: ta sa "kafa" inda ake nufin "ƙafa", ta sa "bata" inda ake nufin "ɓata".

Wannan na ƙarshe ya fi yi mata zafi, domin ta san ƙa'idar, ta ci jarrabawa a kanta. Sai dai Hausar da aka fi ji a kasuwannin kudancin Kaduna, wadda ta tashi a cikinta, sau da yawa ba ta bambanta "k" da "ƙ" ko "b" da "ɓ" a furuci, kuma idan mutum yana sauri a gaban allo, hannunsa kunnensa yake bi. Zarginta na farko ya ɗan kusanci gaskiya ta wata fuska: asalinta ya shigo cikin maganar. Amma ya shigo ne ta hanyar haruffa huɗu da za a iya gyarawa, kuma duk malamin Hausa, ko Bakano ne ko Basakkwace, da ya bar su a allo, da an rage masa maki.

Daga amsa zuwa gyara

Amsar da ba a mayar da ita aiki mai ƙirguwa ba, kwana kaɗan take yi ta bi iska. Saboda haka muka tsara mata abu biyu kacal na mako shida. Na farko, ta samu wata makarantar yamma a unguwarsu tana koyarwa kyauta sau biyu a mako, tana ajiye wayarta a kan tebur tana naɗar murya. Da dare sai ta saurara da agogo a hannu, ta ƙirga mintocin da ta yi magana da tambayoyin da yara suka amsa da bakinsu. Ta raba darasin minti goma sha biyar gida huɗu: biyu na shimfiɗa, shida na bayani, biyar na aikin yara, biyu na auna fahimta. A makon farko ta tarar tana cinye minti goma sha biyu duk da ta san abin da take gudu. Sai a mako na huɗu ta sauko zuwa takwas, kuma abin da ya taimake ta shi ne rubuta tambayoyi biyar a gefen takardar shirin darasi tun daga gida, da tilasta wa kanta ƙirga biyar a zuci bayan kowace tambaya kafin ta sake buɗe baki.

Na biyu, shifta. Kowace rana wata ƙawarta Bakatsiniya tana karanta mata kalmomi ashirin masu kama da juna, irin su baki da baƙi, kara da ƙara, bari da ɓari, tana rubutawa a tsaye a jikin allo da sauri, domin a zaune a natse dama ba ta kuskure. Ta kuma ɗauki al'adar ja da baya taku biyu ta karanta abin da ta rubuta kafin ta juyo ga yara.

Ganawa ta gaba da ta samu, a wata makaranta ta wajen Kagoro, ba a ɗauke ta ba. Ta sake tambaya, wannan karon ba tare da ta nemi shawararmu ba. Aka ce mata koyarwarta ce ta fi ta kowa, amma ba ta kammala rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa ba, makarantar kuwa ta sa wannan a cikin sharuɗɗanta. Ta kammala rajistar. A karo na uku aka ɗauke ta.

Iyakar abin

Bai kamata mai karatu ya ɗauka kowace tambaya tana samun amsa irin wannan ba. Da yawa ba za su amsa ba, kuma ba wajibi ne a kansu ba. Wasu za su amsa da abin da ba shi ne dalilin gaskiya ba. Akwai alamun da ake gane haka. Amsar gaskiya takan zo da abin da aka gani ko aka ji a ranar, wanda mai nema zai iya tunawa ya ce lallai an yi haka. Amsar rufa-rufa kuwa takan tsaya a kan siffa maras kan gado, irin su "ba ka dace da tsarinmu ba," kuma ko an nemi misali ba za a samu ba. Haka nan idan aka kawo sharaɗin da babu shi a cikin shelar aikin, to wataƙila an riga an yi rabon tun kafin a kira mutane. Irin wannan amsa ma tana da amfaninta, domin tana sauke wa mutum nauyin zargin kansa, ta bar shi ya nufi wata ƙofar.

Haka kuma ra'ayin mutum ɗaya ra'ayin mutum ɗaya ne. Kada ɗalibi ya rushe duk salon koyarwarsa saboda maganar mai ganawa guda. Shawararmu ita ce ya ware littafi, bayan kowace ganawa ya rubuta ranar, da matakin da ya tsaya, wato ko a tantance takardu ne, ko a rubutacciyar jarrabawa, ko a gaban kwamiti, da abin da aka ce masa. Wanda ba a taɓa kiransa ganawa ba, matsalarsa tana cikin takardunsa da wasiƙarsa ta neman aiki. Wanda ake kira kullum amma ba a ɗauka, tasa tana cikin ɗakin ganawa. Idan magana ɗaya ta fito daga bakin mutum biyu da ba su san juna ba, to ruwa ba ya tsami banza, nan ne wurin da zai sa ƙarfinsa.

Ga 'yan'uwanmu malamai da ke zama a kwamitoci kuwa, roƙonmu ƙarami ne. Idan yaro ya daure ya haɗiye kunya ya zo da wannan tambaya cikin ladabi, a ba shi minti biyar da abu guda da aka gani da ido. Ba sai an buɗe masa makin kowa ba. A yanki irin namu, jimla ɗaya ta gaskiya game da allo ko shirin darasi tana iya hana matashi ɗaukar ƙullin da zai riƙe shekara da shekaru a kan maƙwabtansa, kuma ajin da zai shiga nan gaba, na 'ya'yanmu ne.